Nasiha Ga Ma'ajin Ƙungiya: Kada Ka Haɗa Kuɗin Furoje Da Na Akwati

Ɗana, tunda 'yan ƙungiyarku sun damƙa maka makullin akwati da littafin kuɗi, zauna in gaya maka abin da ke durƙusar da ƙananan ƙungiyoyi irin taku. Da an ji ƙungiya ta mutu, mutane sai su ce an ci kuɗi. Cin kuɗin akwai shi, amma a ganina abin da ya fi yawa shi ne mutanen kirki, masu salla a sahun gaba, su zuba kuɗi iri biyu a wuri ɗaya, su riƙa ɗiba suna rubutawa da gaskiya, har ranar da za a tambaye su abin da ba za su iya amsawa ba.

Kuɗin da ke shigowa ƙungiya iri biyu ne. Akwai naku na kanku: abin da mambobi ke zubawa duk wata, tarar makara, kyautar da wani ya miƙo ya ce ku yi abin da kuka ga ya dace. Wannan kwamiti ne ke da iko da shi. Sai kuma wanda aka ba ku da sharaɗi, aka ce na sayen hatsi ne, ko na gyaran rijiya, ko na awakin mata. Wannan ajiya ce a hannunku har sai an yi aikin da aka ambata. Kuma kada ka ɗauka sai wanda ya zo da takardar yarjejeniya da hatimi ne mai sharaɗi. Ɗan garinku da ke ci-rani a Agadas ko Kano, idan ya aiko jika 50 ya ce a sa a gyaran fanfo, ya ɗaure kuɗin da bakinsa, ko da ta wayar salula ya faɗa. Ka rubuta abin da ya ce a ranar da kuɗin suka iso, gaban shaidu biyu.

Manomi ya san wannan tun kafin a kawo boko. Irin da ya ware don shuka hatsi ne kamar sauran, rumbu ɗaya ma suke kwana, amma ba a daka shi a yi fura, komai tsananin bazara.

Bari in ɗauko maka misali, da lissafinsa, don ka ga yadda abin ke faruwa. Alƙaluman nawa ne na tsara su don koyarwa, kai ka sa na kasuwarku. A ɗauka ƙungiya ce a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Cake, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Tchaké, cikin gundumar Mayahi a jihar Maraɗi. Ka san yadda ƙasarmu take: damina ɗaya ce, hatsi yana araha da kaka, yana hawa da bazara, ya kai ƙololuwa lokacin da mutane ke gona rumbuna kuma sun ƙare. Wanda ya ga shekarar 2005 a jihar nan ba sai an yi masa bayani ba. Don haka ne ake kafa bankin cimaka, a sayi hatsi da kaka a adana, a sayar wa talakawa da rangwame a watannin wuya.

Ƙungiyar tana da mambobi 40, kowa yana zuba sefa 500 a wata, wato jika 20 ke shigowa. A farkon Oktoba akwai jika 85 a akwati. Sai wata ƙungiyar agaji ta ba su miliyan 2 don bankin cimaka, aka rubuta rabon a takarda: miliyan 1 da rabi na hatsi, buhu 75 a kan jika 20 kowane, jika 300 na gyaran mangaza, jika 120 na dako da buhuna, jika 80 na horar da kwamitin da zai riƙe bankin. Ma'ajin ya buɗe littafinsa ɗaya tilo, ya rubuta miliyan 2 ƙarƙashin jika 85, ya ja layi, ya tara. Daga wannan layin matsalar ta fara, don tun ranar duk wanda ya tambayi abin da ƙungiya ta mallaka, amsar da zai ji ita ce miliyan 2 da jika 85.

Aiki ya tafi daidai da farko. An sa wa mangaza ƙofar ƙarfe da sabon kwano, jika 300. An sayi buhu 40, jika 800, an biya masu amalanke da kuɗin buhuna jika 60. Abin da aka kashe na furoje ya zama miliyan 1 da jika 160, saura jika 840.

To, a cikin watanni biyun nan, Oktoba da Nuwamba, rayuwa ba ta tsaya ba. Mai ɗakin da ƙungiya ke haya ya zo yana bin bashin watanni, jika 60. Ma'aji ya buɗe akwati a gabansa, da wane baki zai ce babu? Shugaba ya tafi taro Maraɗi, kuɗin mota da masauki jika 45. Babur ɗin ƙungiya ya lalace, jika 70. Sai kuma wadda ta fi su nauyi: matar wani mamba naƙuda ta zo mata da gardama, aka ce sai an kai ta babban asibiti, mijin ya zo da dare hankali a tashe, kwamiti ya ce a ranta masa jika 150. Ni ba zan zargi zuciyar da ta yi haka ba. Amma tara su: jika 325. Abin da ƙungiya ta mallaka na kanta kuwa jika 85 ne da zubin wata biyu, jika 125 ke nan.

Ƙarshen Nuwamba aka zauna, aka ƙirga kuɗi a kan tabarma, jika 640. Aka duba littafi, jika 640. Kowane abin da aka kashe yana da takardarsa. Aka yi wa ma'aji barka, aka shafa fatiha aka watse. Ga shi kuwa furoje kaɗai yana bin jika 840. Ramin jika 200 yana nan, littafin kuma bai nuna shi ba, domin littafi ɗaya tambaya ɗaya yake amsawa: nawa ya shiga, nawa ya fita. Ba ya gaya maka kuɗin wa aka kashe.

Yanzu dubi abin da ramin ya ci. Jika 200 buhu 10 ne da kaka, tiya 400 idan buhu yana cin tiya 40. Kwamiti zai ce ai aro ne, za a mayar. Da me za a mayar? Da zubin jika 20 a wata, sai an yi wata 10, kuma sai in ba a sayi ko ashana ba a tsakani. A ce ma Allah ya taimaka mai bashin ya sayar da ɗan sansa ya biya, aka haɗa kuɗin cif a watan Mayu. A lokacin buhu ya kai jika 28, misali. Jika 200 buhu 7 za ta saya. An mayar da kuɗi har sefa na ƙarshe, amma buhu 3 sun tafi, tiya 120 da ya kamata su shiga tukunyar mutane a watan Agusta. Ka riƙe wannan da kyau, ɗana: kuɗin furoje yana da lokacinsa kamar yadda yake da aikinsa, wanda ya ara da kaka ya biya da bazara bai biya duka ba.

Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan irin wannan tun da daɗewa. A Muhtasar na Halilu, a babin ajiya, hukuncin shi ne wanda aka ba ajiyar kuɗi, idan yana da halin biya, makaruhi ne ya ara ba da izinin mai shi ba. Idan kuwa ba shi da abin biya, haramun ne. Ka auna ƙungiyar da ke samun jika 20 a wata da bashin jika 200, ka ga a wane ɓangare ta faɗa. Tambayi limaminku ya ƙara maka bayani.

Abin da ke biyo bayan ramin ya fi ramin muni. Ranar rahoto ta matso, mai furoje yana jiran ya ga buhu 75, a mangaza kuwa 65 ne. Nan ne wani mai wayo a kwamiti zai ce a rubuta cewa an sayi buhu a kan jika 23, ko a samo dillali ya sa hannu a kan hatsin da bai sayar ba. Ranar da ka yarda da wannan ka tashi daga mai kuskure ka koma mai ha'inci, kuma da hannunka aka rubuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai binciken kuɗi ba sai ya yi duba ba: zai ƙirga buhuna, ya tambayi farashin kasuwar Mayahi ko ta Tasawa a makon da ka ce ka saya, ya lura takardu biyar na mutane biyar duk rubutun hannu ɗaya ne da biro ɗaya. Masu ba da taimako kuma sun san juna, suna zama wuri ɗaya a Maraɗi da Yamai.

To, yaya za ka yi?

Tun kuɗin ba su iso ba, ka sayi kaye sabo, ka rubuta sunan furoje a bangonsa, ka lamba shafukansa daga farko har ƙarshe don kada a ce an yage wani. A shafin farko ka kwafe rabon kuɗin kamar yadda yake a yarjejeniya, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Sauran shafukan ka ja musu layuka: kwanan wata, bayani, lambar takardar shaida, abin da ya shiga, abin da ya fita, abin da ya rage, sai layi na ƙarshe da ke nuna daga wane kaso aka cire, hatsi ne ko dako ko horo. Littafin ƙungiya na da yana nan yadda yake, miliyan 2 ba ta shiga cikin jimlarsa. In furoje biyu kuka samu, kaye biyu. Kuma ka rubuta da sefa, ba da dala ba. A kasuwa mutum zai ce maka ɗari yana nufin sefa 500. In ka rubuta 100 yau gobe ka rubuta 500 a kan abu ɗaya, kai kanka ba za ka iya warware littafinka ba bayan wata uku.

Raba littafi bai isa ba in kuɗin suna kwana tare. In da hali a buɗe wa furoje asusunsa a banki, wanda ba a cire komai sai da sa hannun mutum biyu, masu ba da taimako da yawa ma sukan sa wannan cikin sharuɗɗa. Na san daga ƙauye zuwa banki tafiya ce mai cin kuɗi da yini, kuma masu hatsi tsaba suke karɓa, don haka dole wani lokaci kuɗi su kwana a gari. To su kwana a jakarsu daban, da sunan furoje a jiki, kuma a ciro daidai abin da za a saya a kasuwa mai zuwa, ba duka ba. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 ya kuma bazu ƙasashe da dama, ƙungiyoyin asusun da suka fito daga gare shi sukan ajiye jaka biyu a akwati mai makulli uku, ɗaya ta rance, ɗaya ta taimakon wanda masifa ta faɗa wa, makullan kuma a hannun mata uku daban. Da yawansu ba su yi boko ba, amma ba sa haɗa jakunkunan. Da ƙungiyar misalinmu tana da irin wannan jaka ta biyu, da mai naƙuda ta sami abin tafiya asibiti ba a taɓa hatsin mutane ba. In taku ba ta da ita, ka kawo maganar a taro mai zuwa, ko sefa 100 ne kowa ya ƙara a kan zubinsa.

Kowace takardar shaida, kafin ka ajiye ta, ka rubuta mata lamba da sunan asusun da ya biya a kusurwar sama, da jan biro. Na furoje a ambulan ɗinsu, na ƙungiya a nasu. Manomin da ya kawo buhu biyu a jaki ba shi da resi, kai za ka rubuta: ranar, sunansa da garinsa, buhu nawa, farashi nawa, ya dangwala yatsa, mutum biyu na kwamiti su sa hannu, a wurin, kafin a ɗora buhun a amalanke. Takardar da aka rubuta da dare a gida bayan kwana huɗu, da ka, ita ce ke zama abin zargi ko da gaskiya ce a cikinta. Takarda ɗaya kuma asusu ɗaya take shiga. Kada ka kai resin mai guda ga masu furoje biyu.

Inda masu gaskiya ke ruɗewa shi ne abin da ake amfani da shi tare. Babur ɗaya ne, yau ya je kasuwa neman hatsin furoje, gobe ya kai shugaba gaisuwar mutuwa. Katin waya ɗaya ne. Wa zai biya? Amsar tana cikin yarjejeniya, ba cikin ganin damarka ba. In an sa kason mai, ka ajiye ƙaramin kaye a kan babur, duk tafiya a rubuta inda aka je da dalili da litar da aka sha, furoje ya biya nasa tafiye-tafiyen kawai. In ba a sa ba, ba ka da ikon ƙirƙirarsa, ko da kana ganin adalci ne. Gyaran babur na jika 70 a misalinmu, wataƙila dakon furoje ne ma ya lalata shi, amma ba ya cikin kaso huɗun da aka rubuta, don haka na ƙungiya ne.

A nan ina da magana da shugabanninku, ka isar musu. Furoje yana cin kuɗin ƙungiya: tafiye-tafiye, waya, kwafin takardu, yinin mutane. Lokacin faɗin wannan shi ne kafin a sa hannu. Ku ce wa mai ba da taimako a fili ya sa kason tafiyar da aiki, ku kawo lissafinsa. Da yawa sukan yarda in an tambaya, don sun san aiki ba ya tafiya da iska. Kunya ce ke hana mutanenmu, suna tsoron kada a ce sun cika kwaɗayi a fasa ba su, sai su karɓa a haka, daga baya su riƙa tsakura a ɓoye. In ya ƙi, kuma akwatinku ba zai ɗauki nauyin ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu ga abin da nake so ka mayar al'ada, ko ka manta sauran. Ƙarshen kowane wata, gaban mutum biyu waɗanda ba su riƙe makulli, ka ƙirga duk kuɗin da ke hannu, na akwati da na banki da na waya. Sannan ka buɗe kayen kowane furoje ka ga abin da ya ce ya rage. Ka cire na biyu daga na farko. Abin da ya saura shi ne na ƙungiya, kuma dole ya yi daidai da abin da littafin ƙungiya ya nuna. A misalinmu jika 640 ne a hannu, furoje yana bin 840. Lissafin ba ya ciruwa, nan take kowa ya ga an ci jika 200. Da sun yi wannan a ƙarshen Oktoba, da sun ga akwatinsu ya kusa ƙarewa tun kafin a zo maganar babur. A taro kuma kada ka sake faɗin jimla ɗaya. Ka ce: na furoje kaza, namu kaza. In shugaba ya ce, “Ma'aji, ai akwai kuɗi,” ka ce, “Ranka ya daɗe, akwai na hatsi. Namu jika 20 ne.” Zai ɓata rai ranar farko. Ka roƙi kwamiti ya rubuta wannan doka a takardar taro, don in ka ƙi ba da kuɗi a san dokar ce ta hana, ba rowarka ba.

Akwai alamun da za su gaya maka an fara haɗawa tun kafin ka yi lissafi. Aikin furoje ya tsaya ana cewa ana jiran farashi ya sauka, alhali kaka ce. An daina matsa wa mambobi su kawo zubi, don kowa yana ganin akwati cike. Ƙungiyar da bara ba ta iya sayen shayin taro ba, bana tana yanka akuya. Ko kuma ana ɗokin kason kuɗi na biyu ya iso don a ƙarasa aikin da na farko ya kamata ya gama. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi hatsari, don daga nan ake shiga cin sabon furoje a toshe ramin tsoho, ramin kuma girma yake yi.

Bankin cimaka yana da wani tarko nasa. Watan Yuli ya zo, an buɗe mangaza, mata suna layi da kwanoninsu, kuɗi suna shigowa kullum. Mutane sai su ce ai furoje ya ƙare, wannan cinikinmu ne. A'a. Kuɗin nan su ne hatsin kaka mai zuwa, sharaɗin yana bin su duk inda suka juya, daga kuɗi zuwa buhu, daga buhu zuwa kuɗi. A kayen banki suke shiga, tare da kayen mangaza da ke nuna buhu nawa ya shiga, tiya nawa ta fita. In an yarda a riƙa cire wani abu daga ribar don mai gadi ko maganin ƙwari, a rubuta shi tun farko. Bankunan cimaka da yawa da ka ga mangazarsu a rufe, awaki na kwana a inuwarta, shekara ta biyu ce ta kashe su, lokacin da kuɗin ciniki suka bi ta akwatin kowa da kowa, ko aka ba da hatsi bashi ba a karɓo ba.

Haka ragowa. In horon kwamiti ya ci jika 65 maimakon 80, jika 15 ɗin nan ba ladan tattalinku ba ne. Ku rubuta wa mai furoje ku ce ga abin da ya rage, muna neman izinin ƙara hatsi da shi. Wasu yarjejeniyoyin sukan ba da damar matsar da ɗan kaɗan daga wani kaso zuwa wani ba tare da tambaya ba, wasu ba sa bayarwa, karanta taku. Izini kuma a rubuce. Jami'in da ya ce maka “ba komai” ta waya, ana iya canza masa wurin aiki kafin mai bincike ya zo, kai kuma ba ka da abin nunawa. Ko saƙon waya ne, ka sa a buga shi a takarda ka liƙa a kaye. In kuma ku ne kuka ranta wa furoje daga akwatinku saboda kuɗinsa sun makara, ka rubuta a littattafan biyu rana ɗaya, nan ya fita a matsayin rance, can ya shiga a matsayin rance, ka kuma tabbata ranar ba ta riga ranar fara yarjejeniya ba, don abin da aka kashe kafin sa hannu galibi ba a biyansa.

Kada ka ce wannan duk tsirfar Turawan furoje ce. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen da suka haɗa dokokinsu na kasuwanci, kuma a Yamai ne, ranar 22 ga Disamba 2022, aka amince da dokar lissafin kuɗi ta ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, wadda ake kira SYCEBNL, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Dokar ta ware wa kuɗin da aka bayar don wani aiki takamaimai gurbinsu daban a lissafi, ta kuma ce a riƙe rajistar masu ba da kyauta. Ƙaramar ƙungiya, wadda abin da ke shigo mata a shekara bai kai miliyan 30 ba, an sauƙaƙa mata, lissafin shiga da fita take yi. Saboda haka ba a neman ka zama akanta mai digiri. Amma in ƙarshen shekara ya zo kuka kai littattafanku wurin wanda zai tsara muku rahoto, kaye biyu masu tsabta aikin yini ne a wurinsa, littafi ɗaya mai cakuɗe kuwa sai ya zauna da kai yana tambayar kowane layi, kai kuma ka manta.

Saura tambayar da na san tana ranka: in an riga an haɗa fa? Kada ka yage shafi, kada ka sake kwafe littafin ya fito sabo fil. Ka bar tsohon yadda yake. Ka ɗauki jan biro ka bi shi layi-layi tun daga ranar da kuɗin furoje suka shigo, kana sa alama a gefen duk abin da yake na furoje. Ka kwashe waɗannan zuwa sabon kaye, ka fitar da abin da ya kamata ya rage, ka ƙirga na hannu, ka san girman ramin da alƙalami. Ka kai wa kwamiti, a rubuta a takardar taro wa ya karɓi nawa, yaushe zai biya, da abin da mambobi za su ƙara. Daga nan a dakatar da duk wani kashe kuɗi na ƙungiya da ba dole ba. Sannan shugaba ya rubuta wa mai furoje, ku sa hannu tare: ga abin da ya faru, ga adadinsa, ga ranar da za mu cike. Ba zan yi maka alkawarin zai yi murna ba. Yana iya riƙe kaso na gaba, yana iya cewa ku mayar da kuɗin. Amma wanda ya kai kansa da lissafi a hannu ana zama da shi a yi magana, wanda aka gano kuwa sunansa ake sokewa, da na ƙauyensa.

In kaka ce yanzu kuma akwai rami a kuɗin hatsi, kada ku jira zubin wata-wata. Mambobi 40, kowa ya kawo tiya 10 daga abin da ya girbe, buhu 10 sun cika, a rubuta musu a matsayin bashin da ƙungiya za ta biya su daga akwatinta, a kuma sanar da mai furoje cewa haka aka cike. Ka kira taron a makon nan, ɗana, tun hatsi yana hannun manoma bai koma hannun 'yan kasuwa ba. Allah ya taya ka riƙo.